Rufin kwano na yoyo a Legas: ina za a liƙe, ina za a sake ɗaurewa, ina za a sauya?

Idan kwano ya fara ɗiga, mai gida ko ɗan haya yakan sami kansa tsakanin shawara biyu. Wani kafinta zai ce a sayo filashban, wato tef mai kwalta, da silikon a liƙe, aikin rabin yini ne. Wani kuma zai hau ya sauko ya ce sai an kwance sashen gaba ɗaya. Kowannensu yana iya zama da gaskiya, domin rufi ɗaya yana da wurare uku da suka fi yoyo, kuma maganin da ya dace da ɗaya ɓarnar kuɗi ne a ɗayan. Wuraren su ne ramukan ƙusa, da hular da ke rufe doron rufi wadda kafintoci ke kira riji, da kwarin da rufi biyu ke haɗuwa su zuba ruwansu, wanda wasu ke kira gwatar tsakiya.

Yanayin Legas yana tsananta lamarin. Ruwan shekara yakan kai milimita 1,500 ko ya zarce, mafi yawansa daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ga danshi da ba ya barin katako ya bushe sosai, ga iskar teku mai gishiri da ke cin kwano a Obalende da Aja da Badagiri fiye da yadda take yi a Agege ko Mile 12. Liƙin da zai yi shekaru a Kano ko Sakkwato yana iya sakin jiki a nan cikin damina ɗaya.

Kafin a sayi komai, a nemo bakin ramin

Inda silin ya jiƙe ba lallai nan ne ramin yake ba. Ruwa yakan shiga ta sama, ya bi bayan kwano ko jikin katako ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗiga. Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga cikin silin da rana tsaka, a kashe tocila, a duba inda haske ke shigowa. Duk ramin da aka gani a tura tsinken tsintsiya ta cikinsa, wanda ke sama ya zagaye wurin da alli. Ramin da ƙusa ke ciki ba ya nuna haske, amma katakon da ke ƙarƙashinsa yana nunawa: za ka ga baƙin tabo ko layin tsatsa yana gangarowa daga gindin ƙusar.

Idan ba a gani ba, sai gwajin ruwa. Mutum ɗaya a ciki, ɗaya a sama da tiyo ko bokiti, a fara zubawa daga ƙasan rufi, a dakata minti biyar, a matsa sama kaɗan. Wanda ya fara daga doro ya jiƙa ko'ina, ba zai san ta ina ruwan ya shiga ba.

Lokacin yoyon ma yana ba da labari. Wanda ke ɗiga a kowane ruwa, ko yayyafi ne, yawanci rami ne a hanyar ruwa. Wanda ba ya zuwa sai da iska, a dubi riji da wuraren da kwano ya hau kan kwano. Wanda ba ya zuwa sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma a kusurwar gida, wannan kwari ne ke ambaliya. Ɗigon da ake gani da asuba alhali ba a yi ruwa ba raɓa ce ke taruwa a bayan kwano, ba abin liƙewa ba ne, iska ce ba ta ratsa cikin silin.

Akwai gwaji biyu da su ne ke yanke yawancin shawarar da ke gaba. Na farko na katako: a soka bakin sukundireba a katakon kusa da ƙusa. Idan ya shige kamar cikin burodi, katakon ya ruɓe ko gara ta cinye shi, kuma babu ƙusa ko sukuru da zai kama a nan. Na biyu na kwanon: a goge tsatsar da burushin waya, a danna da yatsa. Idan ƙarfe mai ƙwari ya fito, ana iya gyara. Idan yana ɓarewa ko ƙananan huji sun bayyana, kwanon ya gama aikinsa.

Ramin ƙusa

Ƙusa ba ta sassautawa haka kawai. Kwano yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi kowace rana. Falle na ƙarfe mai ƙafa shida, idan zafinsa ya canja da digiri 40 tsakanin azahar da saukar ruwa, motsinsa bai kai milimita 1 ba. Amma dogon alminiyam mai mita 6 yana motsa kusan milimita 6, domin alminiyam yana miƙewa ninki biyu na ƙarfe. Wannan motsi yana goga ramin har ya zama doguwar tsaga, yana kuma jijjiga ƙusar. Iska na ɗaga kwanon ta ƙara zaro ta. Sannan yawancin katakon da ake rufi da shi a Legas ɗanye ake sayo shi, yana bushewa a kan gini ya saki ƙusar da aka buga masa. Washar da ke ƙarƙashin hular ƙusa, ko ta roba ko ta fel mai kwalta, rana ta busar da ita ta tsage.

Hanyoyin gyara huɗu ne ake gani, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi arha ita ce a sake buga ƙusar da ta ɗago. Wannan ba gyara ba ne. Ramin katakon ya riga ya faɗaɗa, ƙusar za ta sake fitowa da iskar farko, kuma gudumar takan lotsa tudun kwanon ya zama ɗan kwano da ruwa ke kwanciya a ciki daidai bakin ramin. Kafintan da ya hau da guduma kaɗai ya sauko ya ce ya gama, ya ƙara maka aiki ne.

Ta biyu ita ce a shafa wani abu a kan ƙusar: silikon, ko narkakkiyar kwalta, ko farin soson nan na cikin kwalin kayan lantarki da ake narkarwa a fetur. Soson fetur yana kamawa da farko, amma yana bushewa ya yi tauri, kwano ya motsa shi kuma ya tsage, ban da haɗarin wuta a wurin haɗa shi. Kwalta tana narkewa da rana ta gangara, daga baya ta bushe ta farfashe. Silikon ya fi su, da sharaɗi. Wanda aka fi samu a shaguna mai warin tsami ne da ke shiga hanci da zarar an matso shi, na gilashi ne, kuma tsamin nan yana cin farin rufin da ke kare kwano daga tsatsa. Na kwano shi ne wanda ba shi da wannan wari, a ce wa mai shago niyutiral. Ko da shi ɗin, idan ƙusar tana rawa a ƙarƙashi, silikon zai ɓalle ta gefe, ruwa ya shige ya kwanta a ƙarƙashinsa, tsatsa ta ci gaba a ɓoye.

Ta uku filashban ne, wato tef mai kwalta a ciki da fatar alminiyam a waje. Yana zuwa a naɗi, yawanci mita 10, faɗinsa daga inci biyu zuwa ƙafa ɗaya. Yana aiki idan an bi ƙa'idarsa: a goge wurin da burushin waya, a share ƙura da tsumma mai ɗan tinna, a bar shi ya bushe ƙarau, a yanka guntu inci uku a kan inci uku, a manna a murza da gindin katako har ya bi lanƙwasar kwanon babu kumfar iska. A kan jiƙaƙƙen kwano ko mai tsatsa ba ya kamawa, ko da ka ga kamar ya kama. Rauninsa a kan ƙusa shi ne hular ƙusar tana ɗaga shi, ta bar rata a kewayenta, ƙusar kuma tana ci gaba da fitowa har ta huda shi. Ya rufe ramin, amma bai ɗaure kwanon ba.

Ta huɗu ita ce a zare ƙusar a sa sukurun rufi mai washar ƙarfe da roba a maƙwafinta. Ita ce kaɗai ke maganin sababin, domin zaren sukuru yana cizon katako ba ya zamewa kamar ƙusa, washar kuma tana toshe ramin. Wajen zarewa a sa ɗan guntun katako a cikin kwarin kwanon, wato tsakanin tudu da tudu, a jingina gudumar a kai, don kada tudun ya lotsa. Dole sukurun ya fi ƙusar kauri: ƙusar rufi ba ta cika wuce milimita 4 ba, saboda haka a nemi sukuru mai milimita 5.5, ko 6.3 idan ramin ya faɗaɗa. Tsawon kuwa a lissafa: tudun kwanon gargajiya kusan milimita 18 ne, ana son sukurun ya shiga katako aƙalla milimita 35, to mai 65 shi ne daidai. Alminiyam mai dogon tudu yana son 75. A ɗaure da diril a hankali har robar ta ɗan bazu daidai gefen washar. Idan ta fito waje ta tsage ko tudun ya nutsa, an zarce. Idan ana iya juya washar da yatsa, ba a kai ba. Sukurun ya shiga a miƙe, domin wanda ya karkata gefe ɗaya kawai yake matse robar.

A unguwannin bakin ruwa a kula da irin sukurun. Mai siririn fenti zai yi ja cikin ɗan lokaci, kuma idan ƙarfe mai tsatsa yana manne da alminiyam cikin danshin gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa a kewayen ramin. A nemi mai kaurin rufin zin, wato farin rufin nan da ke kare ƙarfe daga tsatsa, kuma a share ɓurɓushin ƙarfen da diril ya bari, domin shi ne ke zama jajayen ɗigo a kan sabon kwano.

Hukuncin dai a fili yake: idan katako ya ci gwaji, sukuru ya fi, kuma tazarar tana da yawa. Idan bai ci ba, a shiga ciki a haɗa masa sabon tu-bai-tu ko tu-bai-tiri a gefensa, a ɗaure sabon sukuru a cikin sabon katakon, tsohon ramin a toshe shi.

A nan ne filashban ke da gurbinsa na gaskiya, wato ramin da babu komai a ƙarƙashinsa: inda kafinta ya buga ya kuskure katako ya zare, ko tsofaffin ramukan kwanon da aka sayo na hannu. Irin wannan rami ba ya ɗauke da nauyi, toshewa kawai yake so, kuma tef yana kwanciya a kansa lafiya. Ramin da ya wuce girman ƙwayar gyaɗa kuwa a yanko masa faci daga kwano irinsa, ya zarce ramin da inci biyu kowane gefe, a sa silikon a ƙarƙashi, a kama da ribiti, wato ƙusar da ke haɗa kwano da kwano, a shafe kawunan ribitin. Masu rumfuna da shaguna a kasuwannin da ake yawan rufi da tsohon kwano su lura da abu guda: idan aka kife fallen, ramukan da suke kan tudu suna komawa cikin kwari, hanyar ruwa sosai. A shimfiɗa shi yadda yake a da.

Riji

Ruwa ba ya taruwa a doro, saboda haka yoyon riji kusan kullum aikin iska ne. Iska tana tura ruwa ya hau cikin kwarin kwano, ya shige ƙarƙashin hular, ya faɗa ta bakin fallen. Abin da ke ba shi hanya shi ne hular da ta yi ƙaranci, ko bakin kwano da aka bari a shimfiɗe, ko ƙusoshin da ba su sami katako ba saboda katakon ƙarshe ya yi nisa da doro. Sau da yawa ana yanko tsohon falle a lanƙwasa a ce riji ne, fikafikansa ba su wuce inci huɗu ba.

Masu son gyaran gaggawa sukan cusa siminti a ramukan ƙarƙashin hular. Siminti ba ya motsi, kwano yana yi, don haka yana tsagewa, ya riƙe danshi a jikin ƙarfe, alminiyam kuwa cin sa yake yi kai tsaye. Wasu su bi gefen hular da dogon filashban. Wannan ya fi siminti, amma sai an lanƙwasa tef ɗin cikin kowane kwari, doron mita 15 gefe biyu zai ci naɗi uku, kuma duk ruwan da ya shiga ta wani wuri ba shi da mafita. Ana kuma sayar da soson roba da aka yanka daidai da lanƙwasar kwano. Yana tare iska da jemagu da ɓeraye, ya dace da rufi mai kwanciya da ke fuskantar iska, sai dai yana rage fitar zafi daga cikin silin, kuma dole ya dace da samfurin kwanonka.

Gyaran da ke daɗewa bai fi waɗannan tsada sosai ba, ƙwadago ne. A cire hular. A kama bakin kowane kwari na kwanon da filaya a tanƙwara shi sama kamar milimita 15 zuwa 20, a hankali don kada ya yage, ya zama ɗan shinge da ruwan da iska ta turo zai buga ya koma. Wannan ƙaramin aiki shi ne mafi amfani a doro, kuma shi aka fi tsallakewa. Sai a mayar da hula mai fikafikan da ke rufe kwano aƙalla inci shida kowane gefe, inci takwas idan rufin bai da tsayi. Inda gunduwa biyu suka haɗu su hau juna da inci shida, da layin silikon biyu a tsakaninsu, ba a samansu ba. Iskar damina a Legas ta fi zuwa daga kudu maso yamma, to a fara jerawa daga ɗaya ƙarshen, yadda bakin kowane haɗi zai ba iskar baya. A ɗaure a kan tudu, a tsallake ɗaya a kama ɗaya, sukurun ya ratsa hula da kwano ya shiga katako. Idan katakon ba ya ƙarƙashin fiffiken hular, a ƙara wani kafin a rufe.

Tsohuwar hula mai faɗi da ba ta ruɓe ba a mayar da ita. Ƙarama ko mai huji a sauya, domin riji na cikin abubuwa mafi arha a rufi.

Kwari

A nan ne liƙi ya fi cin kuɗin mutane a banza. Ruwan rufi biyu ke zuba a wuri ɗaya. Ɗauki kwarin da ke karɓar ruwan fili mai murabba'in mita 60. Idan ruwa ya sauka da ƙarfin milimita 100 a awa, ko na minti goma ne, lita 100 ke bi ta cikinsa kowane minti, jarka huɗu masu lita 25. Kuma kwari ya fi rufin da ke gefensa kwanciya: rufi biyu masu gangaren digiri 20 idan suka haɗu a kusurwa, kwarinsu kusan digiri 14 ne. Ruwa mai yawa, gangare kaɗan. Ƙurar hunturu da ganyen mangwaro da ledar fiya wata suna taruwa a ciki, su riƙe danshi, ƙasan kwarin ya ruɓe tun sauran rufin yana da ƙwari.

Yoyon kwari iri biyu ne, kuma a rarrabe su kafin a kashe kuɗi. Ko dai ya huje, ko kuma yana ambaliya ta gefe. Ambaliya takan zo daga toshewa, ko daga fallayen gefe da aka bari suka kusa haɗe baki har babu hanya, ko daga kwarin da aka yi da siririn kwano ba a tanƙwara gefensa ba. Idan toshewa ce, shara ce magani, kafin Afrilu da kuma lokacin lafawar Agusta. Idan fallaye ne suka matse, a yanke bakunansu da almakashin kwano a bar hanya mai faɗin inci biyar zuwa shida, su kuma su hau kan kwarin da inci huɗu zuwa shida kowane gefe. Kada a yanka da giranda: zafinta yana ƙone rufin zin ko fentin da ke kare kwanon, tartsatsinta ya manne ya yi tsatsa.

Idan hujewa ce, zaɓi biyu ne. Liƙi da filashban mai faɗi ko fentin kwalta da ƙyalle yana iya kai ka ƙarshen damina idan hujin ɗaya ne ko biyu kuma ƙarfen kewaye lafiya yake. Amma ruwa yana dukan bakin tef ɗin na sama kai tsaye, yashi yana gogarsa, kuma gefen kwarin da ke ƙarƙashin fallaye hannu ba ya kai wa. Inda tsatsa ta huda wuri ɗaya, sauran tsawon ma ya yi siriri. Shimfiɗa sabon kwano a kan tsohon ba tare da an ɗaga fallaye ba ya fi muni, domin ruwan fallayen yana zuba a bayansa.

Sauyawa ba ta buƙatar kwance rufin duka. A zare ƙusoshin layi biyu mafi kusa da kwarin a kowane gefe, a ɗaga fallayen a tokare, a zaro tsohon. A duba allunan da yake kwance a kai, idan babu su a sa, domin kwarin da ke lilo tsakanin katako yana lotsawa ya tara ruwa. Sabon ya zama shimfiɗaɗɗen alminiyam mai kaurin milimita 0.55 ko sama, faɗin ƙafa biyu, a lanƙwasa tsakiyarsa, a tanƙwara gefunansa sama kamar rabin inci su tare ruwan da ya haura. Gwanda gunduwa ɗaya daga sama har ƙasa. Idan dole a haɗa, a fara daga ƙasa, na sama ya hau na ƙasa da inci goma zuwa ƙafa ɗaya, da silikon a tsakani. Ƙusa ko sukuru ba ya shiga hanyar ruwa ko kaɗan: a kama kwarin ta can gefensa da ƙananan maƙalai ko lanƙwasassun ƙusoshi, kuma sukurun fallaye ya sauka a wajensa. Bakin ƙasa ya zarce bango ya zuba cikin gwata ko ya faɗa nesa da katakon fuska.

Abu ɗaya da ba a cika sani ba: idan rufin alminiyam ne ko mai fenti, kada a sa masa kwarin farin kwano na ƙarfe don rage kuɗi, ruwan da ke gangarowa daga irin wannan rufi yana saurin cinye rufin zin ɗinsa. Idan kuma rufin tsohon kwano ne mai tsatsa aka sa masa kwarin alminiyam, a shafa fentin kwalta a inda suke taɓa juna.

Misali a lissafe

A ɗauka gidan haya ne a Agege, irin mai ɗakuna suna kallon juna, tsawonsa mita 15, kowane gefe na rufin mita 5 daga doro zuwa baki, an rufe da kwano mai ƙafa shida. A baya an ƙara kicin da banɗaki, haɗuwarsu da babban rufin ta yi kwari mai mita 6. Ɗakuna uku suna ɗiga: biyu a tsakiyar silin, na ƙarshe a kusurwa, barandar tsakiya kuma tana jiƙa idan ruwa ya zo da iska.

Kowane gefe yana da kusan falle 25 a jere, sahu uku, wato falle 75. Layin katako bakwai ne, idan kowane falle yana da ƙusa uku a kowane layi, ƙusa 525 ke nan a gefe ɗaya, sama da dubu a rufin. Ba duka za a sauya ba. A bi layi-layi a taɓa kowace: wadda ta ɗago, ko take juyawa, ko washarta ta tafi, a yi mata alli. A ce an sami 200, yawancinsu a layin baki da na doro inda iska ta fi ja. Sukuru 250 masu milimita 65 sun isa har da rara. Gwajin katako ya nuna layi ɗaya mai mita 3 ya ruɓe a saman ɗaki na biyu, sai a haɗa masa sabo. Ramukan banza guda 30 za su ci ƙasa da mita 3 na filashban mai inci uku, naɗi ɗaya ya wadatar. Hular doro fikafikanta inci huɗu ne, to a sauya: mita 15 da ƙarin haɗe-haɗe, a sayi mita 17, da silikon kwalba biyu. Kwarin yana da huji biyar a rabinsa na ƙasa, a sauya da alminiyam mita 6.5.

Da a ce liƙi aka zaɓa a ko'ina, za a ci naɗi biyu a kan ƙusoshi, uku a doro, ɗaya mai faɗi a kwari, kwanon yana nan a kwance ba a ɗaure ba, kuma mai yiwuwa a sake hawa baɗi.

Amma wanda zai biya ma yana cikin lissafi. Ɗan haya da saura masa wata shida, kuma mai gidan ba ya amsa kira, ba laifi ya tsaya a sukuru a saman ɗakinsa da tef a ramukan banza, ya share kwarin ya liƙe hujin don ya fita damina. Sauya kwari da riji aikin mai gida ne, ko a yi yarjejeniya a rubuce da shi ko kiyateka cewa za a cire kuɗin daga haya, a ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. Masallacin unguwa ko makarantar Islamiyya da ake tara kuɗi don gyara, gara a jira a tara na sauyawa, a yi aikin tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da kwano ke bushe, ko a lafawar Agusta idan ba zai jira ba.

Akwai kuma iyakar da gyara ke daina amfani. Kwanon bandir mai falle 20 da aka fi saya siriri ne ƙwarai, sau da yawa bai kai milimita 0.2 ba. Idan tsatsa ta huda cikin kwarurrukansa, ko wurin da falle ya hau falle ya ruɓe, ko washa ba ta iya rufe ramin saboda ya yage, sauya fallen ya fi sayen sukuru da tef a kansa. Idan fallayen da suka kai haka sun kusa kashi ɗaya cikin uku na gefe guda, a kwance gefen gaba ɗaya, a duba katakon a fili, sababbin su hau juna da tudu ɗaya da rabi a gefe da inci shida a tsawo, inci takwas ko goma idan rufin a kwance yake.

Wanda zai hau ya jira raɓa ta bushe, ya sa takalmi mai roba, ya taka kan layin ƙusoshi inda katako yake, ko ya shimfiɗa allo ya bi ta kai. Taka tsakanin layuka yana lotsa kwano ya buɗe sababbin ramuka, a kan ruɓaɓɓen falle kuma ƙafa na iya zurmawa. A unguwanni masu cunkoso wayoyin wuta sukan ratsa kan rufi ko su kwanta a kai, wasu a feɗe, saboda haka a kashe wutar gidan da janareto, a duba wayoyin maƙwabta, kuma kada a ɗaga dogon alminiyam a tsaye kusa da layin wuta. Idan hadari ya taso ana tsakiyar aikin kwari, a mayar da fallayen a kama su da sukuru kaɗan a rufe da tamfol, don haka a tanadi tamfol ɗin tun kafin a zare ƙusa ta farko.